Yo Ɗin da Na Yar a Annandale

Wata takwas ina yi wa tsohuwar wanka kafin in gane da wane irin baki take yi min magana.

A lokacin muna zaune a Landover, a wani bene mai ɗaki biyu, maigidana yana ƙarasa karatunsa, ni kuma ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Kamfanin da nake yi wa aiki ya tura ni Annandale, gidan wata tsohuwa 'yar Koriya da ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Kullum da safe in hau babban titin Beltway, in tsaya a cunkoson gada ina buga sitiyari da yatsa, in isa raina a ɓace. Ni dama ba mai haƙurin jira ba ce. Tun ina yarinya a Kano ake min faɗan ba na bari mutum ya kai ƙarshen maganarsa.

Tsohuwar malamar firamare ce a ƙasarsu kafin ɗanta ya ɗauko ta. Matar ɗan, wadda ke jin Turanci sosai, ita ta ce in riƙa kiranta Halmoni, wato kaka. Turancin Halmoni bai wuce kalma ashirin ba, ni kuma ko gaisuwarsu ban iya ba. Da hannu muke magana. In ta ga na shimfiɗa dadduma da azahar sai ta rage ƙarar talabijin, in na idar ta mayar. Iyakar hirarmu ke nan a watannin farko.

Bayan abincin rana take kallon wasan kwaikwayonsu. Matar ɗan ke aro mata faifai daga wani shago a unguwar, kuma saboda ni take zaɓo masu fassarar Turanci a ƙasan allo. Halmoni tana saurare, ni ina karatu. Na ɗauka abu ɗaya muke kallo.

Wani wasa ne a kan wata malamar makaranta da wani mai gyaran agogo. Sun yi kashi tara suna kewaye-kewaye, har na ƙosa. Ran nan malamar ta miƙe za ta fita daga shagonsa, ya yi magana, rubutun ƙasa ya ce ya tambaye ta ina za ta. Sai Halmoni ta daki cinyarta da hannunta mai lafiya, ta ja numfashi, ta rufe baki. Na dubi allo, na dube ta. Ina za ki? Wannan tambayar ya yi mata ita ya fi sau biyar a wasan nan, kuma kalmomin Turancin ba su canja ko harafi ba. Me aka yi? Na ƙwace rimot na mayar baya, na sake karantawa. Ba komai. Abin ya dame ni, ga mutum kusa da ni yana jin daɗin abin da ni ban ma san ya faru ba.

Ta karɓi rimot ɗin, ta koma can kashin baya, ta tsayar. Mutumin ya ce, odi gaseyo. Ta ɗaga tafin hannunta sama da kanta. Ta dawo wurin da muke. Ya ce, odi ga. Ta sauke hannun ta dafa ƙirjinta. Ta dube ni irin duban malamar da ke jiran ɗalibi ya gane, ta ce, yo, ta yi kamar ta tsinke wani abu ta jefar.

Da yamma matar ɗan ta dawo, ban bari ta ajiye jaka ba. Ta yi dariya ta zauna ta yi min bayani. Ta ce a harshensu aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa, kuma a wutsiyar aikatau ake liƙa matsayin wanda kake yi wa magana. Tafiya ita ce ga. In ka ce odi ga, ka yi wa yaro magana, ko ƙanenka, ko aminin da kuka taso tare. Sunan wannan banmal, ma'anarsa rabin magana. In ka ƙara yo, odi gayo, ka yi ladabi, da shi ake yi wa baƙo da abokin aiki da duk wanda ba ka saba da shi ba. In ka ƙare da mnida, ko mnikka in tambaya ce, ka sa riga da hula, maganar ofis ce da sojoji da masu karanta labarai. Na ce to wannan se ɗin da ke cikin gaseyo fa? Ta ce wannan wani abu ne dabam. Wutsiya tana girmama wanda ke saurarenka, shi kuwa wannan ɗan guntun da ake cusawa a tsakiya yana ɗaga wanda ke yin aikin. Har wasu kalmomin ma sauya su ake yi ɗungum. Yaro mogo ake ce masa, ci. Babba kuwa duseyo. Ta ce in tana waya da mijinta za ta ce omoni jumushyo, uwa na barci. Babu yo domin da mijinta take magana, amma kalmar barcin ta manya ce domin uwar ce ke barcin.

Na ce, ashe ku da ke ne. Ta ce mene ne haka. Na gaya mata mu ma mutum ɗaya mukan ce masa ku, in suruki ne ko malami, kun tashi lafiya, kun dawo. Ta ce haka ne, sai dai ku a suna kuke yi, mu kowace jimla sai an zaɓa, ba wurin ɓuya. Shi kuwa Turanci kalma ɗaya gare shi ta kai da ke da ku, da ita za a kira sarki, da ita za a kira kyanwa. Mai fassara ba shi da inda zai sa wutsiyar, sai ya yanke.

Tun daga ranar kallo ya lalace min. Idona na ƙasan allo, kunnena na ƙarshen jimla, kamar mai tuƙa tuwo tana duba miya. Ni da ba na jira a gama magana, ga ni na faɗa hannun harshen da sai an kai ƙarshe ake sanin ko an girmama ka ko an raina ka. Amma wallahi abin da na riƙa ji ya fi abin da nake karantawa. Mutum biyu su haɗu, kafin a yi nisa an tambayi shekaru, na gane don a san wa zai riƙe yo ne. Oga ya yi wa ma'aikacinsa rabin magana, shi ya amsa da mnida yana sunkuyar da kai, rubutu kuwa ya nuna su kamar abokai biyu a wurin mai shayi. Miji da mata tsofaffi, shi ba yo, ita da yo, shekara arba'in a haka. Saurayi da budurwa su rabu, su haɗu a titi, ta ce masa ya jima lafiya da yo, ka ga fuskarsa ta faɗi. Wani baƙo ya yar da yo a tsakiyar gardama, ɗayan ya zaburo, rubutun ƙasa ya ce wai ka iya bakinka, alhali abin da ya faɗa shi ne wa ya ba ka izinin yi min rabin magana. Rabin maganar nan ita ce zagi, ita ce kuma kusanci. Ya danganta da wanda ya yi, da ko an ba shi izini.

Ana cikin haka na juyo da kunnena cikin gida, kuma a nan na rasa sukuni.

Halmoni in za ta gode wa matar ɗanta, komawo take cewa. In ni ce, komawoyo. In za ta ce wa ɗanta ya zauna, anja. Ni kuwa anjuseyo. Wata takwas. Ni nake cuɗa mata baya, ni nake yanke mata farce, ni na san wane cokali take so, amma ni da mai kawo wasiƙa bakinmu ɗaya a wurinta. Na san ladabi ne. Na san tsohuwa mai shekara tamanin da ta yi wa 'yar aikinta yo mutuniyar kirki ce, da yawa ba za su yi ba. Sanin bai hana abin ci na ba. Mahaifiyata ta rasu shekara biyu kafin nan, ban samu zuwa jana'iza ba, kuma a duk faɗin Amurka babu wata babba da ke ce min ke, zo nan, ba tare da ta tauna ba. Ina so tsohuwar nan ta daina girmama ni. Na faɗa wa maigidana, ya ce ke dai ba ki rasa abin damuwa.

Matar ɗan ta ce ai ba wuya, ƙarami ne ke roƙo. Akan ce wa babba malsum nouseyo, wato ku ajiye maganarku, ku sauke ta. Kwana huɗu ina maimaita shi a mota, a kan gada, har wani direban babbar mota ya riƙa leƙo ni. Ranar Litinin ina taje wa Halmoni kai na faɗa mata. Sai ta fashe da dariya har tana tari, ta sa na sake faɗa, ta gyara min harafi ɗaya.

Washegari na buɗe ƙofa, tana kujerarta, ta ce, wasso? Pap mogosso? Kin zo? Kin ci abinci?

Na tsaya da mukulli a hannu ina jiran yo. Bai zo ba. Na shiga banɗaki na buɗe famfo na yi kukana, na wanke ido na fito.

Watannin da suka biyo sun yi daɗi. Ta koma yi min faɗa, in na cika gishiri, in na zo ba rigar sanyi. Ta riƙa dukan hannuna in na kai wa rimot. Ni kuma ina amsawa da ne, wato na'am ɗinsu na ladabi, ina liƙa yo a ƙarshen duk 'yar kalmar da na tsinta. Da na tsaya a nan da shi ke nan.

To amma a gida kaka abokiyar wasa ce. Tawa kakar ta wajen uba, tsohuwa mai ran ƙarfe nake ce mata, in ce ta cinye mana abinci ta ƙi mutuwa, ita kuma ta ce mijinta zan ƙwace shi ya sa nake baƙin ciki. Ba wanda ya taɓa cewa na yi rashin kunya, wanda bai tsokani kakarsa ba ma shi ake ganin ba ya ƙaunarta. Ga shi kullum Halmoni nake cewa, kaka, kaka. Sannan a wani wasan da muka kalla akwai jikar da ke yi wa kakarta rabin magana, tana tura mata kwano tana cewa pali mogo, yi sauri ki ci, tsohuwar tana murmushi. Kuma malamar nan da mai agogo, da ya yar da yo ita ma ba ta daɗe ba ta yar. Na haɗa waɗannan uku na yanke wa kaina hukunci, ban tambayi kowa ba.

Ranar wata Alhamis ƙawayenta uku na coci suka zo duba ta, tsofaffi tsaf-tsaf da jakunkuna a cinya. Na ji tana nuna ni tana magana, suna gyaɗa kai, na san yabona take. Kaina ya kumbura. Na kawo mata kunun shinkafa, tana ta hira ta bar shi yana hucewa. Sai na ce bari in nuna musu inda muka kai ni da ita. Na riƙe ƙugu, na yi murmushi, na ce, ya, pali mogo.

Wannan ya ɗin na sha jinsa, rubutun ƙasa kullum yana fassara shi da hey, ɗan kiran nan na Turanci da ake yi wa kowa. Ashe da shi ake kiran yaro, ko tsara, ko wanda za a ci wa mutunci.

Ɗaya daga cikin baƙin ta ajiye kofinta a hankali. Wata ta dubi ƙasa. Halmoni ba ta dube ni ba, ta ɗauki cokali ta sha kunun nan tas, har ƙasan kwano. Da baƙin suka tafi, lokacin tashina ya yi, na zo sallama. Ta gyara zama, ta ɗan sunkuyar da kai, ta ce, sugohashossumnida. Annyonghi gaseyo. An gode da aiki, a sauka lafiya. Da bakin masu karanta labarai ta sallame ni.

Matar ɗan ta kira ni ina kan hanya. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce in babba ya sauke maganarsa, shi kaɗai ya sauke, ƙarami yana nan riƙe da tasa. Da na kawo mata hujjojina ta ce malamar da mai agogo tsara ne, kuma soyayya suke. Jikar kuwa jininta ce, a bayanta ta girma, kuma ko ita ba za ta kira kakarta da ya ɗin nan ba. Ta ce, ni shekara ashirin da shida ina gidan nan, ban taɓa yar mata da yo ba. Abin da ya fi ciwo, in ji ta, a gaban ƙawayenta ne, bayan ta gama gaya musu ta samu 'ya mai tarbiyya.

Na kwana ina juyi, da safe na durƙusa a gaban kujerar Halmoni kamar yadda zan durƙusa wa surukata, na ce cwesonghamnida, ban haƙuri mafi nauyi da na sani. Ta ce, kwencanayo.

Da a allo ne, rubutun ƙasa zai ce ba komai, mai kallo ya ce an shirya. Ni na ji wutsiyar.

Mako biyar muka yi a haka. Komawoyo. Anjuseyo. Ba faɗa, ba dukan hannu, in na kai wa rimot sai ta miƙo min da ladabi. Kowace jimla ta fara sai in riƙe numfashi har ƙarshe, sai yo ya faɗo. Na sake cewa malsum nouseyo, ta yi murmushi ta ce ne, ta ci gaba da yo ɗinta. Na dafa mata abin da take so, na zo da wuri, na yi shiru, na yi surutu. Muna zaune muna kallon mutane suna ɓatawa suna shiryawa a allo, tsakanina da ita bai fi kamu biyu ba. Daga nan zuciyata ta taso, halina na tsiya. Na ce haba, kalma ɗaya? Ni baƙuwa ce, harshen uwata ne? Na bar ƙasata, na tsallaka gada kullum, a hukunta ni a kan harafi biyu? Na kira kamfani na ce su canja min gida, hanya ta yi min nisa. Suka ba ni wani dattijo a Upper Marlboro. Ranar ƙarshe ma ban tsaya ta gama sallamar ba, na san da me za ta ƙare.

Na daina kallon wasanninsu. In na ji harshen a kanti sai in bar layin.

Bayan shekara ɗaya da wani abu na je babban kantin 'yan Koriya da ke Annandale sayen kifi da doya, sai ga matar ɗan a wurin kayan miya. Ta rame. Ta ce ciwon shanyewar jikin ya sake buge Halmoni, kuma hankalin ya fara tafiya, sun kai ta gidan kula da tsofaffi nan kusa. Ta ce yanzu kowa yo take yi masa. Ɗanta ya shiga ta ce masa nuguseyo, wane ne ku. Ta ce can za ta daga nan, in ina so. Na ce kifin da na saya zai lalace a mota. Na ji abin da bakina ya faɗa, kunya ta kama ni, na bi bayanta.

Halmoni na zaune a keken guragu gefen taga, an yi mata aski gajere, ta ƙanƙance. Matar ɗan ta durƙusa ta gaishe ta da duk ladabin da ta saba. Halmoni ta sunkuyar da kai ta ce annyonghaseyo, irin gaisuwar da ake yi wa ma'aikaciyar banki. Na ga matar ta miƙe ta hau gyara labule.

Ni ina bakin ƙofa, ƙafata ɗaya a waje. Tsohuwar ta juyo ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sai ta ɓata fuska ta ce, we ije wa.

Matar ɗan ta juyo da sauri. Ta fara fassara min da Turanci, wai tana tambaya me ya sa sai yanzu kika zo, sai muryarta ta tsaya, domin ita ma ta ji abin da na ji. Shekara ashirin da bakwai tana yi wa matar nan hidima, yau ita ce baƙuwa, ni da na gudu aka yi wa faɗa.

Ban sani ba ko ni ta gani, ko wata ƙanwarta, ko wata ɗalibarta ta da can. Ban tambaya ba, kuma ba na son a gaya min. Na ƙarasa na durƙusa, na ce nujossoyo, Halmoni, na makara, na ja yo ɗin nan har sai da na tabbata ya fita duka. Ta daki bayan hannuna, da ƙarfinta kuwa, ta nuna min kofin ruwa.